Yadda za ka ɗauki hanya daga amsar misali

Ɗaliban Jos masu shirin WAEC sun sha tambayata wannan. Mu ɗauki lissafi: 2x + 3 = 11.

1. Rufe amsar, ka gwada da kanka tukuna.
2. Buɗe ta, ka nemo layin da aikinka ya rabu da ita.
3. A gefen kowane layi, rubuta dalilinsa. Me ya sa aka fara cire 3 kafin a raba da 2? Don 2x ya tsaya shi kaɗai.

Hattara: nan ake zamewa. Ido ya saba da layi, sai ka ɗauka ka gane. In ka kasa faɗin dalilin da baki, hadda ka yi.

4. Sauya lambobin: 5x − 4 = 21.
5. Warware shi littafi a rufe. Wanda ya haddace "cire" zai faɗi, don yanzu ƙara 4 ake yi.
6. Mayar da amsar, x = 5, cikin tambayar, ka ga ko 21 ta fito.