Babi na Shida: Ranar da Wayar Ƙungiya Take Hannunka

'Yan uwa barkanku da zuwa babi na shida. A babin da ya wuce mun koyi kunna waya da sa mata caji da karanta lokaci a fuskarta, to yau aikin ya ɗan fi wancan nauyi, domin wagga waya ta ƙungiya ce, mutanen unguwa gaba ɗaya ita sunka sani, kuma mu bakwai ne ke karɓa-karɓa, kowa da ranarsa. Kada kowa ya tsorata, in kana iya rubuta sunanka da kwanan wata to ka iya rabin aikin.

Darasi na ɗaya: koren ɗigo

Ka buɗe WhatsApp. Dubi gefen dama na kowane suna. In ka ga wani ɗan koren ɗigo mai lamba a ciki, 1 ko 2 ko 5, ma'anarsa saƙonni ne da ba wanda ya karanta tukuna, lambar kuma ita ce yawansu. Da zarar ka taɓa sunan nan ya buɗe, ɗigon ya tafi kenan. Ko ka karanta, ko yaro ne ya taɓa da wasa, ko hannunka ne ya zame, waya ba ta san bambanci ba.

To ga inda matsalar take. Wanda zai karɓi waya gobe shi ma ɗigon yake nema, in bai gan shi ba sai ya ɗauka an gama da maganar. A can ɓangaren kuma wanda ya aiko ya ga alamomi biyu sun koma shuɗi, shi ma ya kwanta da sanin ƙungiya ta ji. Kai kuma da ka buɗe ka tafi fadama ban ruwan shinkafa ka manta.

Wannan ya faru da mu nan Argungu, ba zan faɗi ko wane ne ba don shi ma abin ya dame shi. Da safe anka aiko cewa mahaifiyar wani memba ta rasu, jana'iza bayan azahar. Mai aikin ranar ya buɗe, ya karanta, ya ce Innalillahi, ya ce bari in gama karin kumallo in kira Shugaba, sai baƙo ya yi sallama. Ba mu ji ba sai bayan kwana biyu, munka je gaisuwa muna ta sunkuyar da kai.

Shi ya sa munka sayi littafi. Doka guda ce a babin nan kuma za ku gaji da jinta: ka buɗe saƙo ɗaya, ka rubuta shi a littafi, sannan ka buɗe na gaba. Ɗaya ɗaya. Ba a buɗe goma a jere a ce daga baya a rubuta.

Darasi na biyu: littafin

Littafin makaranta ne mai layi, na riga na ja muku gida shida a kowane shafi da biro. Gida na farko lamba, 1, 2, 3 har ƙasa. Na biyu rana da lokaci, kuma lokacin da ke rubuce ƙarami a ƙasan saƙon za ka kwafa, kada ka duba agogonka. Na uku wa ya aiko, in babu suna ka kwafi lambar wayar duka, kana gamawa ka sake bi da yatsa ɗaya ɗaya don nan ne ake yawan tsallake lamba. Na huɗu me yake so, a taƙaice, kalma biyar ko shida sun isa. Na biyar wa anka kai ma maganar. Na shida a bar shi fari, sai ranar da maganar ta ƙare za a sa alamar maki.

Rubutunka bai da kyau? Ba komai Baba, ni ma nawa kamar kaza ta yi tonon ƙasa, abin da ake so dai na gobe ya iya karantawa. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna ya rubuta lamba da lokaci da suna, sauran ya sa ɗansa ya cike masa, amma a gabansa, kuma kafin a buɗe saƙo na gaba.

Bari mu gwada da safiyar Talata. Ka ɗauko waya ƙarfe 7, ka ga suna huɗu da koren ɗigo. Littafi a cinya, biro a hannu, sannan ka taɓa na farko. Saƙon murya ne na minti uku daga wata Inna, ta aiko 9:40 na daren jiya. Minti ɗaya na farko duk gaisuwa ce, ina gida ina yara ina gajiya, kun san halinmu. Kada ka kashe. A tsakiya ta ce famfon burtsatsen bakin masallaci ya daina jawo ruwa tun shekaranjiya. Nan ma kada ka kashe ka ruga, ka saurara har layin ya kai ƙarshe, don can ƙarshe ne ta ce af, na tura kuɗin wata naira 2,000 ta hannun mai POS, a duba. Kun gani, saƙo ɗaya magana biyu. To layi biyu za ka ci a littafi. Lamba 1, famfo ya lalace, an kai ma Shugaba. Lamba 2, ta ce ta biya 2,000, an kai ma Ma'aji. Ku lura na rubuta "ta ce ta biya", ban rubuta "ta biya" ba, za mu zo wurin.

Ka rubuta? To yanzu ka amsa mata: "Inna mun ji, an kai ma Shugaba da Ma'aji." Iyakar abin da za ka ce kenan. Kada ka ce gobe za a gyara, ba kai ke riƙe da asusu ba.

Na biyu hoton fure ne da barka da asuba. Wanga ba ya shiga littafi, ka ce amin ka wuce. Na uku wani ne ke tambayar yaushe taron wata, wannan ka san amsar, ka rubuta, ka amsa, ka sa maki a gida na shida nan take. Na huɗu kana cikin buɗewa sai anka kira ka waje. To me za ka yi? In akwai hali ka rubuta ko da lamba da suna ne kafin ka tashi. In babu hali sam, ka koma baya inda sunaye suke a jere, ka danna sunan ka riƙe har ya yi duhu, ka taɓa ɗigo uku da ke sama a dama, ka zaɓi inda anka rubuta

```
Mark as unread
```

Koren ɗigo zai dawo, amma ba lamba a cikinsa. Ku sani fa wannan ya taimaki na gobe ne kawai, wanda ya aiko har yanzu shuɗi yake gani, yana jiran amsa.

Satin da ya wuce na duba littafi, ranar Alhamis layi biyu kacal, na buɗe waya na ƙirga saƙo tara da anka buɗe. Ina sauran bakwai? Wai "ai na riƙe a kai." Haba jama'a. Sau nawa zan faɗa? Kanka ba ya bin waya zuwa gidan mai aikin Juma'a, littafi ne ke bin ta. Buɗe ɗaya, rubuta, sannan na gaba. Ku maimaita da baki yanzu sau uku, ni ba wasa nake ba.

Darasi na uku: abin da ba ya jira

Rasuwa, haihuwa da ta zo da gardama, gobara, ruwa ya shiga gidaje lokacin damina, yaro ya ɓata. Waɗannan ba a tura ma Shugaba a rubuce a zauna, kira ake yi da baki, in bai ɗauka ba a kira Sakatare, in shi ma bai ɗauka ba a hau mashin. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta ce. Ko a nan ma ka rubuta layinka, kalma biyu, kafin ka kira ko kana ajiye wayar.

Kada a manta da kiran da ba a ɗauka ba. Tsofaffi da yawa filashin kawai suke yi. Lamba ɗaya ta kira sau uku a jere, ka rubuta ta ka bi kiran. Don haka da safe ka duba ko akwai kati:

```
*310#
```

Data kuma `*323#`. In ya kusa ƙarewa ka gaya ma Ma'aji tun da rana.

Darasi na huɗu: kuɗi da lambar sirri

Hoton rasit ko alat da wani ya turo ba shi ne kuɗi ba, ana haɗa na ƙarya. Ma'aji ne kaɗai zai duba asusu ya ce sun shigo, shi ne kuma zai sa maki. Kai naka "ya ce ya biya."

In anka kira ko anka rubuto wai a karanto wata lamba mai guda shida da ta shigo yanzu, don a sa ƙungiya cikin tallafi ko rabon taki, kada ka karanta. Da ita ake ƙwace WhatsApp ɗin gaba ɗaya, sai a riƙa roƙon membobi kuɗi da sunanmu. Ko da muryar ta yi kama da ta wanda ka sani. Ka rubuta a littafi, ka gaya ma Sakatare.

Abin da ka gani a waya kuma, na rashin lafiya ko bashi ko rikicin aure, ba na majalisa ba ne.

Darasi na biyar: imel

Saƙon da ba a buɗe ba rubutunsa ya fi baƙi da kauri. Dokar ita ce dai waccan, ɗaya ɗaya da littafi. Mai aikin Asabar ya leƙa inda anka rubuta Spam, wani lokaci takardar gaske kan faɗa can, kuma Gmail na share abin da ke ciki bayan kwana 30. Wanda turanci ya yi ma nauyi ya rubuta rana da sunan mai aikowa ya bar ma Sakatare.

Darasi na shida: miƙa waya

Bayan isha'i, hannu da hannu, waya da caja da littafi da biro. Ba a aiken yaro. Ku buɗe shafin tare ku karanta layukan da gida na shida yake fari, mai karɓa ya sa hannu a ƙasa.

Aikin gida: kowa ya ja gida shida a takarda ya kawo ranar Lahadi.