Idan remot ɗin mota ya daina buɗe ƙofa, ku fara duba batir

'Yan uwa, kafin ku kai wa mai gyara kuɗinku, ku lura da alamar. Remot ba ya mutuwa rana ɗaya. Da farko daga bakin ƙofar gida yake buɗe mota, daga baya sai ka matso dab da ita, ka danna sau biyu ko uku. To batir ne ya yi sanyi.

Ku zare ɗan makullin ƙarfen da ke ciki, ku sa sukurdireba mai faɗin baki a tsagar da ke gefe, ku murɗa a hankali har ya rabu biyu. Kafin ku cire tsohon batirin, ku ɗauki hotonsa da waya. Nan ne na taɓa yin kuskure: na kifa sabo, na yi ta dannawa shiru, har na ɗauka remot ɗin ya ƙone. Gefen da ke da alamar + sai ya koma yadda tsohon yake.

Lambar da ke jikinsa kuma ita za ku saya. CR2032 da CR2025 faɗinsu ɗaya, milimita 20, duka 3V, amma na farkon kaurinsa milimita 3.2 ne, na biyun 2.5. Idan aka sa siriri a gurbin mai kauri zai riƙa motsi, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Ku riƙe sabon ta gefe-gefe, kada maiƙon yatsa ya shafe shi.

Tsohon kuma, don Allah kada a bar shi inda yara ke wasa. Yaro ya haɗiye shi, cikin awa biyu zai iya ƙona masa maƙoshi, asibiti za a nufa nan take.