Yadda Ake Bambance Jimla Mai Baƙuwar Ma'ana da Jimlar da Ta Karya Nahawu

Ɗalibai da yawa, da zarar jimla ta yi musu banbaraƙwai a kunne, sai su ce ba Hausa ba ce. Alhali cutar iri biyu ce. Dubi waɗannan:

(a) Tukunya ta sayi doki.
(b) Binta ta saya doki.

Ta farko abin dariya ce, amma ƙirarta lafiya lau. Ta biyu kowa ya fahimci nufinta, sai dai a karye take.

Fara da musanya kalma. Cire sunan da ya kawo rikicin, ka sa wani mai jinsi da adadi irin nasa. A (a), sa "Ladi" a gurbin "tukunya", sai ka sami "Ladi ta sayi doki", magana ta miƙe. Ashe laifin na ma'ana ne. Kula dai, kada ka sa "Audu", domin tukunya mace ce a nahawu, kuma "Audu ta sayi" sabuwar ɓarna ce da ka jawo da hannunka. A (b) kuwa, ko sunan wa ka sa, ba za ta gyaru ba. Ciwon yana jikin aikatau ne: irin su "saya" kan koma "sayi" a gaban suna, "saye" a gaban wakilin suna. Shi ya sa ake cewa "ta sayi doki", "ta saye shi".

Daga nan sai ka kore jimlar. "Tukunya ba ta sayi doki ba" magana ce ta gaskiya ma. "Binta ba ta saya doki ba" tana nan da karayarta.

Gwajin da na fi so shi ne na tatsuniya. Ka ce "ga ta nan, ga ta nanku", sannan ka jefa jimlar. A duniyar da Gizo ke auren Ƙoƙi, ba yaron da zai hana tukunya zuwa kasuwar dawaki. Amma ko Gizo, duk da tsamin bakinsa, ba zai ce "yaran da sun zo" a madadin "yaran da suka zo" ba. Masanin harshe Noam Chomsky ya fito da wannan bambanci fili a 1957, kuma masana kan sa alamar tauraro a gaban jimlar da ta karye.

Kafin ka ɗora tauraron, tambayi daga ina mai maganar ya fito. A Hausar Gana, da ta wasu sassan Zariya da Bauchi, ba a cika rarrabe jinsi ba, don haka za ka ji "mota ne" inda Bakano zai ce "mota ce". Wannan karin harshe ne. In daidaitacciyar Hausa kake aunawa, sai ka faɗi haka tun farko.