Darasi na Shida: Daga Takardar Bincike Zuwa Takardar Zaure

Wata malamar ajin yaƙi da jahilci a Daura ta taɓa kawo mini takardu da ma'aikacin asibiti ya ba ta, shafi wajen ashirin da Turanci, ta ce, "Malam, an ce in karanta wa mata ranar Asabar. Ta ina zan fara?" Na ce mata ba karantawa za ki yi ba, Malama, tankaɗewa za ki yi. Da wannan takarda tata za mu yi darasin yau.

Binciken ya fito a mujallar PLOS Medicine a 2021, a kan maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina don kare su daga zazzaɓin cizon sauro. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba da shi ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. An yi binciken a ƙasashe biyar: Najeriya, Mali, Cadi, Burkina Faso da Gambiya. Masu binciken sun ɗauki yaran da gwaji ya tabbatar suna da zazzaɓin, suka kwatanta su da tsararrakinsu na unguwa da ke lafiya, suna tambaya wa ya sha magani, kuma yaushe.

Kada ku fara daga shafin farko ku bi har ƙarshe, za ku gaji a banza. Ku nemi taƙaitawar da ke sama, inda aka rubuta Abstract, ku fitar da amsar tambaya uku a bayan takarda: a kan su wa aka yi, me aka ba su, me aka gani. Abin da aka gani a nan lamba biyu ce. A kwana 28 na farko bayan shan maganin, kariyar ta kai kashi 88 cikin ɗari. Daga kwana 29 zuwa 42 kuwa ta sauko zuwa kashi 61.

A nan ake tuntuɓe, don haka bari mu zauna a kai. Da yawa za su rubuta cewa yara 88 cikin ɗari ba za su yi zazzaɓi ba. Ba abin da binciken ya ce ke nan ba. Ai ko ba magani, ba kowane yaro ne ke kwanciya a wata guda ba. Ma'anarsa ita ce: a cikin yara ɗari da zazzaɓi zai kayar in da ba su sha ba, wajen goma sha biyu ne kawai zai kayar in sun sha. Kuma a zaure ba wanda ke ƙirga ɗari a ka. Ku mayar da shi goma. Ku ɗebo ƙwayar gyaɗa goma ku jera a kan tabarma, ku ce, "Waɗannan yara goma ne da masassara za ta kwantar a unguwar nan wannan wata." Sai ku kwashe tara ku bar ɗaya. Wannan ɗayar da kuka bari ta fi taran aiki, domin ita ce za ta hana uwa cewa an yi mata ƙarya ranar da ɗanta ya yi zafin jiki bayan ya sha. Sannan ku sake jera goman, ku ce wata ya wuce ba a sake sha ba, ku kwashe shida kawai. Huɗu za su rage suna kallon jama'a. Ban taɓa yin wannan ba wani bai ce "ashe!" ba.

Kwana 28 ma ku sauya masa riga. Juma'a huɗu ke nan, kuma kowa ya san ƙirgen Juma'a.

Sai kalmomi. In kuka rubuta "rigakafi" kurum, wasu za su ɗauka allura ce, wasu kuma tunaninsu zai tafi ga ɗigon shan-inna. In kuka rubuta "maganin zazzaɓi", kun faɗa ramin da ya fi wancan zurfi, kuma ni kaina na faɗa. Takardar farko da na rubuta haka na sa mata kai. Bayan sati biyu na shiga wani gida, uwar gidan ta ɗaga murfin kwalla ta nuna mini ƙwayoyi biyu a ƙulle cikin leda, tana murna ta adana su sai ranar da yaro ya kwanta. Ba laifinta ba ne. A wurinta magani na marar lafiya ne, ni kuwa ban gaya mata wannan na mai lafiya ne ba. Tun daga ranar layin farko na takardata ya koma "a ba yaro yana lafiya lau".

Binciken bai koyar da yadda ake shan maganin ba, domin ma'aikatan lafiya aka rubuta wa. Wannan sai ku samo daga ma'aikacin asibitin unguwarku, kada ku cike da hasashe. Ga yadda takardar Malama ta fito a ƙarshe, da manyan baƙaƙe, shafi ɗaya:

"A ba yaro yana lafiya lau. Na yara ne daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Ranar farko mai rabo zai ba shi ƙwaya biyu a gabanki. Washegari ki ba shi ɗaya, jibi ki ba shi ɗaya. Kada ki ajiye, kada ki raba da wani yaro. In ya amayar kafin rabin awa, ki gaya wa mai rabo. In jikinsa da zafi, ko yana shan wani magani, ko magani ya taɓa fito masa da ƙuraje, ki faɗa kafin a ba shi. Bayan Juma'a huɗu za a dawo. Ko ya sha, ya kwana cikin gidan sauro. In ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti a gwada jini."

Ku lura da abin da babu: sunan mujalla, sunayen ƙasashe, har 88 da 61 ɗin. Suna bayan takardar da ƙananan baƙaƙe, saboda mai unguwa ko liman kan tambaya daga ina maganar ta fito, kuma haƙƙinsu ne a ba su amsa. In taron na dattawa ne da suka fi sakewa da ajami, ku sa a kwafe gaban takardar da ajami.

Kafin a buga, ma'aikacin lafiya ya duba, sannan ku karanta wa mutum uku da ba su halarci aji ba. Kada ku ce "kin gane?", don kunya za ta sa ta ce e. Ku ce, "Inna, an ba jikanki yau Talata. Gobe me za ki yi? Alhamis fa?" In biyu cikin ukun suka kuskure a wuri ɗaya, layin ne bai fita ba, ku sake shi.

Aikin gida: wani ya tashi a taro ya ce, "Ni ɗana shekararsa bakwai, a ba ni nasa." Ku koma ga tambayar farko cikin ukun nan, wato a kan su wa aka yi binciken, ku rubuta amsar da za ku ba shi a layi biyu, ku zo da ita ranar Asabar.