Yadda Ake Tsakuro Hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara

Kada ka fara daga shafin farko. Je ƙarshe ka ga yadda aka kaya: an karɓi ƙarar, an yi watsi da ita, ko an mayar da ita a sake shari'a? Rubuta wannan a layi ɗaya.

Daga nan ka dawo kan dalilan ɗaukaka ƙara, wato kurakuran da mai ƙara ya ce alƙalin farko ya tafka. Ba kowanne lambarsa.

Sai batutuwan da kotu za ta warware, kuma a nan aikin yake. Dole kowane batu ya fito daga dalili ɗaya ko fiye. A ce dalilai 4 ne a rikicin fili, lauya ya ciro batutuwa 2: na farko daga dalili na 1 da na 2, kan karɓar takardar ciniki marar rajista a matsayin shaida, na biyu daga dalili na 3, kan yawan diyya. Ina na 4? Ba a ciro komai daga cikinsa ba, don haka yawanci kotu kan ɗauka an yar da shi. Ka lura kuma da batutuwan da kotu ta yi aiki da su, domin takan zaɓi na ɓangare ɗaya ko ta tsara nata.

A ƙarƙashin kowane batu, rubuta hujjar mai ƙara, martanin abokin shari'arsa, sannan matsayar kotu da dalilinta. Kalaman lauya ba hukunci ba ne, komai daɗinsu.

A ƙarshe gwada matsayar da layinka na farko. Mutum kan ci batu ɗaya amma ya faɗi ƙarar.