Sakan 18 ɗin nan da ke ɓata wa mutane lissafi tsakanin lokacin GPS da UTC

Idan ka jera bayanan na'urori biyu ka ga tazarar sakan 18 cif a tsakaninsu, ba 17 da rabi ba, ba 20 ba, to kar ka tsaya zargin batir ko eriya, ɗaya na kan lokacin GPS ne ɗaya na kan UTC, lokacin da agogunan duniya ke bi. Haka in ka ga 37 ko 19. Wannan lambobin uku duk wanda ke aiki da risiba ko sabar lokaci ya kamata su zauna masa a ka, don kusan duk kuskuren da ake yi a wannan fannin daga cikinsu yake fitowa.

Asalin abin shi ne agogon atam ba ruwansa da rana. Tun 1967 aka ayyana sakan ɗaya da kaɗawar atam ɗin sisiyam sau 9,192,631,770, kuma TAI shi ne lokacin da hukumar BIPM da ke Faransa ke haɗawa daga ɗaruruwan irin waɗannan agoguna, yana tafiya ne kawai ba tsayawa ba gyara. Ita kuma duniya juyawarta ba ta da wannan daidaito, yininta yakan ɗan zarce sakan 86,400 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma yau da gobe sai ya taru. Shi ya sa aka yi UTC, sakan ɗinsa irin na TAI ne sak, sai dai duk lokacin da ya nemi yin nisa da juyawar duniya har kusan sakan 0.9 sai hukumar IERS ta sanar a cusa sakan guda na ƙari, agogo ya nuna 23:59:60. A Kano ko Yamai wannan ƙarfe 00:59:60 ne na dare. A 1972 tazarar TAI da UTC 10 ce, an ƙara sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016, ka ga 37 kenan. Shi kuma lokacin GPS an tayar da shi daidai da UTC ranar 6 ga Janairu 1980, lokacin tazarar TAI da UTC na 19, daga nan bai sake karɓar ƙari ko ɗaya ba. Don haka kullum yana bayan TAI da 19, yanzu kuma yana gaban UTC da 18.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juya mako da sakan na GPS zuwa lokacin Unix, wato adadin sakan tun farkon 1970, a manta da cire 18 ɗin. Mu ɗauki farkon mako na 2000, sakan sifili. Mako ɗaya sakan 604,800 ne, tsakanin 1970 da farkon GPS kuma akwai 315,964,800.

```
unix = 315964800 + week*604800 + tow - leap
# week=2000, tow=0, leap=18  ->  1525564782
```

In ba ka cire ba za ka samu 1525564800, kwamfuta ta ce maka Lahadi 6 ga Mayu 2018 ƙarfe 00:00:00, kuma lambar ta yi kyau sosai har ba za ka yi shakkarta ba. Amma a UTC lokacin Asabar ce 5 ga Mayu, 23:59:42. Wato ba sakan kawai ka rasa ba, ranar ma ta canza, in kana raba fayil rana rana to bayanan sun faɗa fayil ɗin da ba nasu ba. Ga mai lissafin inda tauraron yake kuwa abin ya fi muni, tauraron GPS na gudun kusan kilomita 3.9 a sakan, sakan 18 ya kai shi wajen kilomita 70 daga inda kake zato.

Sai masu cirewa sau biyu, ko su ƙara maimakon su cire. Wannan na faruwa ne saboda risiba ɗaya tana iya ba ka lokaci iri biyu, layukan rubutu na NMEA da take fitarwa irin su `RMC` da `ZDA` UTC suke bayarwa, risibar ta riga ta cire da kanta, amma ɗanyen awo da fayilolin RINEX da ake adana shi a ciki galibi lokacin GPS ne. Ka sake cire 18 daga `RMC` sai ka koma baya da 18, ka ƙara a inda ya kamata ka cire sai ka ga 36. Gyaran ba wuya, kafin ka taɓa kowace lamba ka duba takardar na'urar ko kan fayil ɗin, a RINEX layin `TIME OF FIRST OBS` yana faɗin tsarin lokacin ƙarara. Kuma a rumbun bayananka ka sa sunan tsarin a jikin sunan filin, kar ka bar shi `time` kawai wanda zai gaje ka ya yi ta duba.

Abin da ya fi damuna shi ne rubuta 18 a cikin kod kamar wata lamba ce da ba ta canzawa. Tun 2017 ba a ƙara ba, shi ya sa mutane da yawa da suka shigo aikin bayan nan ba su taɓa ganin ta motsa ba. Amma ka ɗauko bayanan 2016 ka bi da su ta wannan kod ɗin, sakan ɗaya ya shiga, don daga Yuli 2015 zuwa ƙarshen 2016 tazarar 17 ce, kuma kuskuren sakan ɗaya ya fi na 18 wahalar kamawa tunda ba ya tsole ido. Teburi ake amfani da shi, fayil ɗin `leap-seconds.list` da ke zuwa tare da bayanan yankunan lokaci, kuma yana da ranar ƙarewa a ciki, sai ana sabunta shi. Eh an yanke shawara a 2022 cewa nan da 2035 za a sauya wannan tsarin na ƙari, amma wannan bai goge tarihin da ya wuce ba.

Akwai kuma matsalar kunna risiba daga sanyi. Tazarar GPS da UTC tauraron ne ke aiko ta cikin saƙonsa, kuma shafin da ke ɗauke da ita sau ɗaya yake zagayowa a minti 12 da rabi. Kafin ya iso risibar na amfani da lambar da aka ƙona mata a masana'anta, in tsohuwa ce sai ka ga tana ba ka wuri daidai amma lokaci ya kauce da sakan biyu ko uku, can sai ya yi tsalle ya gyaru. Alamar kenan, tsalle na cikakken sakan cikin minti 15 na farko bayan kunnawa. Kar ka bari sabarka ta yarda da lokacin sai risibar ta nuna ta karɓi tazarar daga sama.

A Linux ma akwai tarko. Mutum zai kira `CLOCK_TAI` ya ɗauka ya samu TAI, alhali in babu wanda ya faɗa wa kanel tazarar to sifili take, UTC zai ba ka da sunan TAI ba tare da ko gargaɗi ba. Gwajin sauƙi ne, karanta shi tare da `CLOCK_REALTIME`, in ba ka ga 37 a tsakani ba to ba a saita ba. Mai amfani da chrony, manhajar daidaita agogo, sai ya sa wannan layin ya sake tayar da shi:

```
leapsectz right/UTC
```

Wannan ya fi shafar masu PTP, hanyar raba lokaci ta netwok, don shi a kan TAI yake tafiya, takwaransa NTP kuma a kan UTC, in ka haɗa su a waje ɗaya ba tare da tazarar ba 37 ɗin nan za ta fito maka a log. In kuma risibarka na kama BeiDou, tsarin taurarin China, ka ga 14, shi ma ba lalacewa ba ce, nasu lokacin an tayar da shi ne a farkon 2006, yana bayan GPS da sakan 14.