Yadda ake yanke kuɗin ɗaki a gidan saukar baƙi

Kafin ka leƙa farashin maƙwabta, fara sanin nawa kwana ɗaya ke cin ka. A ce gidanka a Kano yake, ɗaki 10, kuma haya da albashi da gadi da gyare-gyare suna lashe Naira 1,800,000 a wata. Kada ka raba kuɗin nan da ɗaki 10, domin ba kullum gida ke cika ba. Duba littafin rajista. Idan ɗaki 6 ake kamawa a yawancin darare, kwana 180 ke nan a wata, kowanne ya ɗauki 10,000. Ƙara abin da baƙo ke ci da kansa, wato man janareta, wanki, sabulu da ruwa, a ce 5,000. To 15,000 ne uwar kuɗinka, sai ka sa 20,000 a ranakun da babu rububi.

Daga nan sai kalanda. Makon Sallah, musamman idan za a yi Hawan Daushe, da watan Disamba mai yawan bukukuwan aure, za ka iya kai ɗakin 28,000. Da azumi tafiye-tafiye sukan ragu, sai ka sassauta. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka jadawalin bara ba zai yi bana ba. Daga Maris zuwa Mayu kuma ko baƙi sun yi ƙaranci kada ka yi saurin ragi, saboda zafi na sa na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki.

Batun ranaku ya danganta da baƙinka. Idan 'yan biki ne, ɗora 3,000 daga Juma'a zuwa Lahadi. Idan ma'aikata da 'yan kasuwa ne, Litinin zuwa Alhamis ce kasuwarka.

Cikar gida ma tana faɗa maka gaskiya. In ɗaki 8 sun tafi tun da sauran mako biyu, ka yi araha, ƙara wa biyun da suka rage. Amma ragi don a cika gida yana da yaudara. A 20,000, bayan cire 5,000 ɗin nan, ɗaki 6 na bar maka 90,000. Ka rage zuwa 16,000, ko ɗaki 8 ka sayar 88,000 za ka samu, ga ƙarin wanki da wahala.

Mai daɗewa ya cancanci rangwame, tunda ɗakinsa ba ya kwana babu kowa. Mai mako guda a bar masa 18,000 duk kwana, mai wata 15,000 duk kwana, jimilla 450,000, ya biya kafin ya karɓi mukulli. A rubuta yarjejeniya: awannin da janareta zai yi da rana, sau nawa za a canja zanin gado, da cewa in ya tashi kafin wa'adi za a sake lissafi da farashin kwana-kwana. Idan watan nasa ya haɗa da Sallah, a ware waɗannan kwanaki a yi musu farashinsu tun ranar ciniki.